Yadda za ka janye daga neman aiki cikin ladabi idan ka karɓi wani aikin

Mai karatu, idan ka iya rubuta takardar neman aiki, akwai wata takardar kuma da ya kamata ka iya, wadda ba a cika koyar da ita a ajin yaƙi da jahilci ba. Ita ce takardar janyewa. Ana rubuta ta a lokacin da mutum ya nemi aiki a wuri biyu, ɗaya ya riga ɗaya kiransa, ya amsa, sannan ya zama dole ya sanar da na biyun cewa ba zai zo ba. Bayanin nan da kai muke yi, da ke kuma, domin dokar ɗaya ce ga namiji da mace.

A Dakwaro wannan hali yana yawan faruwa, kuma yana da dalili. Ayyukan ƙungiyoyi da na furoje suna zuwa ne kusan lokaci guda, bayan an gama girbi. A lokacin ne ake neman malaman yaƙi da jahilci, domin a karkara da rani ake buɗe azuzuwan manya, sa'ad da manomi ya samu sarari. A lokacin ne kuma ake neman masu tsaron bankin cimaka, da masu ƙidaya, da masu zagaya ƙauyuka da rugage don faɗakarwa. Wanda ya iya karatu da lissafi yakan ajiye takardunsa a ofis biyu ko uku, kuma babu laifi a cikin haka. Laifin yana zuwa ne daga baya, idan ya samu ɗaya ya yi shiru da sauran.

Misalin da za mu bi

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mutumin misali ne kawai, don haka za mu kira shi Wane. A ce Wane mazaunin Dakwaro ne, ya gama ajin manya da sakamako mai kyau. Wata ƙungiya tana neman malamai goma da za su koyar a ƙauyukan wajen Kornaka na tsawon wata huɗu. Wane ya kai takardunsa, an yi masa jarrabawa da tambayoyi ranar Alhamis 20 ga Nuwamba 2025, an ce masa ya yi ƙoƙari, kuma za a fara horar da waɗanda aka zaɓa ranar Litinin 15 ga Disamba. Ana cikin haka, sai wani furoje na makiyaya da ke aiki a kwarin Tarka ya kira shi, ya ba shi aikin riƙe littafin rumbun abincin dabbobi na shekara guda. Wane ya auna, ya ga aikin shekara ya fi masa na wata huɗu, ya zaɓi na rumbu.

Yanzu tambaya ita ce: yaushe zai faɗa wa ƙungiyar farko, wa zai faɗa wa, kuma da waɗanne kalmomi?

Kada ka saki na farko sai na biyu ya tabbata

Abu na farko, kada ka yi gaggawar janyewa don kawai an yi maka albishir ta tarho. Maganar baki takan canza. Wani lokaci kuɗin furoje ba ya saukowa a kan kari, wani lokaci a rage yawan ma'aikatan da za a ɗauka, wani lokaci kuma wanda ya kira ka ba shi ne mai yanke magana ba. Hausawa sun ce kada a yi sakin na hannu a kama na guje. Aikin ya tabbata ne idan ka ga takarda mai ɗauke da sunanka, da irin aikin, da ranar farawa, da abin da za a riƙa biyanka, da sa hannun shugaba. Idan babu takarda tukuna, ka roƙa cikin ladabi a rubuto maka ko da gajeren saƙo ne. Ka ce: "Ranka ya daɗe, akwai wani wuri da suke jirana, ina so in ba su amsa, shi ya sa nake roƙon a tabbatar mini a rubuce." Shugaban kirki ba ya jin haushin wannan roƙo.

Wane ya sa hannu a takardar aikin rumbu ranar Litinin 1 ga Disamba. Daga wannan rana nauyi ya hau kansa.

Kwana ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka

Da zarar na biyu ya tabbata, kada ka bari kwana biyu su wuce ba ka sanar da na farko ba. Ga dalili. Masu ɗaukar aiki sukan jera sunayen waɗanda suka yi jarrabawa bisa ga makinsu, su ɗauki na sama, su ajiye sauran a jerin masu jira. Idan Wane ya yi magana ranar 2 ga Disamba, ƙungiyar tana da kwana 13 kafin horo. Za ta kira na goma sha ɗaya, ya shirya, ya zauna a horo tare da sauran. Idan kuwa Wane ya yi shiru har ranar 15, za a ga kujerarsa babu kowa, a yi ta kiran lambarsa, a ɓata kwana biyu ana zaton ko rashin lafiya ce ko mota ce ta lalace a hanya. Kafin a gane gaskiya, horo ya yi nisa. Sai dai a tura malamin da bai samu cikakken horo ba, ko kuma ƙauye guda ya rasa ajinsa a wannan rani. Mutanen da suka kafa rumfa suka tara tabarmi suna jiran malami su ne za su yi hasara, ba ofis ba.

Na san abin da ke hana mutane magana: kunya ce. Mutum yana ganin an karɓe shi da fara'a, an ba shi ruwa, an yaba masa, sai ya ji nauyin cewa "ba zan zo ba". Sai ya kashe tarho, ko ya riƙa kauce wa hanyar ofishin. A ganina wannan kunya ba ta da amfani ga kowa. Shugaban ofis ya saba da janyewar masu neman aiki, kuma yakan manta da ita cikin mako guda. Abin da ba ya mantawa shi ne wanda ya ɓace ba sallama. Ga shi kuma Dakwaro ba babban birni ba ne. Ma'aikatan ƙungiyoyi sun san juna, suna haɗuwa a taro a nan ko a Maraɗi, kuma wanda ke shugabantar wannan furoje bana yana iya komawa wancan baɗi.

Wa za ka fara sanarwa

A wajenmu da wuya mutum ya shiga ofis shi kaɗai. Galibi akwai wanda ya ba ka labarin aikin ko ya yi maka shaida: tsohon malaminka na aji, ko kawunka, ko wani dattijo a unguwa. Shi za ka fara zuwa wurinsa, da ƙafarka, kafin takarda ta isa ofis. Ya sa mutuncinsa a kanka, bai kamata ya ji labarin a bakin wasu ba. Ka gaishe shi, ka ce: "Malam, na zo ne in sanar da kai kafin kowa. Allah ya kawo wani aikin, na karɓa, kuma gobe zan kai wa mutanen can takarda. Na gode da tsayawar da ka yi mini." Ka lura, sanarwa ka je yi, ba neman shawara ba. Idan shawararsa kake so, lokacinta kafin ka sa hannu ne.

Bayan shi sai ofis. Takarda tana zuwa ne ga shugaban da sanarwar neman ma'aikata ta ambata, wato wanda ka rubuta wa takardar neman aiki tun farko. Kada ka bar saƙo a bakin mai gadi ko direba, ko da abokanka ne. Saƙon baki yakan kwana a hanya, yakan kuma canza kama.

Takardar kanta

Takardar janyewa gajera ce, rabin shafi ya isa. Ga wadda Wane ya rubuta:

Dakwaro, 2 ga Disamba 2025

Daga Wane ɗan Wane, mai neman aikin malamin yaƙi da jahilci

Zuwa ga Shugaban ƙungiya, ofishin Dakwaro

Dalili: janyewa daga neman aiki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina godiya da damar da kuka ba ni ta yin jarrabawa ranar 20 ga Nuwamba, da kuma kyakkyawar tarbar da na samu a ofishinku.

Ina sanar da ku cewa na janye daga neman wannan aiki, domin na karɓi wani aiki a wani wuri. Saboda haka ba zan halarci horon da za a fara ranar 15 ga Disamba ba. Na gaggauta sanar da ku ne domin ku samu lokacin kiran wani a madadina. Ina neman afuwa a kan ɗawainiyar da wannan zai jawo muku.

Sha'awata ga aikin koyar da manya tana nan. Aikin da na karɓa zai ƙare a watan Nuwamba na 2026, kuma idan kuka sake neman malamai bayan wannan lokaci, zan yi farin cikin sake gabatar da takarduna. Lambar tarhona ba ta canza ba.

Allah ya ba ku nasara a aikin bana.

Naku cikin girmamawa,
Wane ɗan Wane

Yanzu mu duba abin da kowane sashe yake yi. Godiyar da ke farko ta ambaci ranar jarrabawa. Wannan ba ado ba ne. Ofishin da ya ga mutum arba'in ba zai tuna kowa da suna ba, amma rana da sunan aikin za su sa sakatare ya gano takardunka nan take.

Sashe na biyu shi ne zuciyar takardar, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Dubi kalmomin: "na janye", "na karɓi", "ba zan halarci horon ba". Duk magana ce da ta riga ta yanke. Mu Hausawa muna da hanyoyin ƙin abu ba tare da mun ce a'a ba. Mukan ce "sai na duba", ko "wataƙila ba zan samu zuwa ba", ko "in Allah ya yarda za mu gani". A zaure kowa ya san ma'anarsu, amma a takardar ofis suna ɓata aiki, domin shugaba ba zai iya cire sunanka ya kira wani ba alhali ba ka ce ka fita ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ka karanta wa wani takardar da ƙarfi, sannan ka tambaye shi: "Zan je ko ba zan je ba?" Idan ya yi jinkirin amsa, takardar ba ta fito fili ba, ka sake ta. Ladabi yana cikin gaisuwa da godiya da neman afuwa. Ba ya cikin ɓoye amsa.

Dalili kuwa jimla ɗaya ta isa. Ba dole ba ne ka faɗi sunan wurin da ya ɗauke ka, kuma kada ka kawo maganar kuɗi. Da Wane ya rubuta cewa can ana ba shi jika kaza, nan kuwa jika kaza ne kawai, da takardar ta zama ko dai gori ko ciniki. Haka nan kada ka ƙirƙiri ƙarya, kamar ciwon mahaifiya ko tafiya Agadas. Ranar kasuwa za a gan ka a bakin rumbu da littafi a hannu, daga nan kuma maganarka ta zube. Idan akwai abin da ya ɓata maka rai lokacin jarrabawa, kamar dogon jira a rana, wannan takarda ba wurinsa ba ce.

Yadda ake barin ƙofa a buɗe

Mutane da yawa sukan rufe takarda da cewa "sai wani jiƙon", su ɗauka sun bar ƙofa a buɗe. Ba su bari ba, domin ba su ba shugaba abin da zai riƙe ba. Dubi abin da Wane ya yi: ya faɗi irin aikin da yake so, ya faɗi watan da zai samu sarari, ya tabbatar da lambarsa. Shugaba zai iya rubuta wannan a bayan takardunsa ya ajiye. Idan aikin da ka karɓa ba shi da ranar ƙarewa, sai ka ce kawai za ka so a riƙa sanar da kai idan wata dama ta fito.

Akwai iyaka biyu a nan. Ta farko, kada ka roƙi a ajiye maka wurin, kamar ka ce "idan can bai yi ba zan dawo". Wannan yana nuna ka mai da su abin jingina, kuma yana hana su ɗaukar wani da zuciya ɗaya. Abin da kake roƙo shi ne izinin sake nema kamar kowa, ba alfarma ba. Ta biyu, kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba. Wane bai ce "zan zo baɗi" ba, ya ce zai yi farin cikin sake nema. Shekara tana da tsawo, furoje na iya tsawaita masa aiki.

Wasu sukan so su ambaci wani da zai maye gurbinsu. Idan akwai jerin masu jira, ka bar su da jerinsu, domin tura ƙanenka zai zama kamar kana rabon abin da ba naka ba. Amma idan aikin na ƙauye ne mai nisa da ba a samu masu nema da yawa ba, ko ana bukatar mai jin Fulatanci ko Tamashek, kana iya cewa da baki: "Idan kuna bukata, na san wanda zai iya." Ka tsaya nan, sai in an tambaye ka suna.

Kai takardar, da abin da za ka mayar

Ka rubuta takardar sau biyu, ko ka yi mata hoto a shago. Ka kai ɗaya ofis da hannunka, ka roƙi sakatare ya rubuta ranar karɓa ya sa hannu a kan ta biyun, ka tafi da ita gida. Ita ce shaidarka idan wata rana aka ce ka gudu ba sallama. Idan shugaba yana nan, ka nemi minti biyar ka gaishe shi ka faɗa masa da bakinka. Idan ya ce zai ƙara maka wani abu don ka zauna, ka gode masa, ka ce ka riga ka ba da kalmarka a can. Wanda ya janye daga wuri biyu a mako guda ya ɓata da duka biyun.

Game da harshe, dokar ƙasa ta 2025 ta sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka ofisoshi da yawa da Faransanci suke ajiye takardunsu. Idan da Faransanci ka nemi aikin, ka sa wanda ya iya ya juya maka takardar, amma ka sa ya maimaita maka ma'anarta da Hausa kafin ka sa hannu. Ga aikin koyar da Hausa kuwa, takardar Hausa da rubutun hannunka ta fi kyau, domin ita kanta shaida ce ta iyawarka.

Idan kana nesa, a Birnin Lalle ko Sabon Mashi ko can wajen Bermo, kada ka jira ranar da za ka shigo gari. Ka kira ta tarho a lokacin aiki, sannan ka bi da rubutaccen saƙo: "Ranka ya daɗe, Wane ne, mai neman aikin malami. Na janye don na karɓi wani aiki. Na gode ƙwarai. Takarda na tafe." Saƙon tarho guda yana ɗaukar haruffa 160, amma idan ka sa haruffa masu lanƙwasa irin ɗ da ƙ da ɓ yakan ragu zuwa 70, sai saƙon ya rabu kashi biyu ko uku, kuɗinsa ya ƙaru. Saƙon murya na WhatsApp yana da sauƙi, sai dai ba a iya sa shi cikin takardun ofis, don haka ba ya maye gurbin rubutu.

Duk abin da aka ba ka saboda aikin, ka mayar da shi tare da takardar: littafin malami, allo, jaka, ko kuɗin mota na zuwa horo idan an riga an ba ka. Ka karɓi shaidar mayarwa. Idan kuma ka ba su takardunka na asali, kamar takardar haihuwa ko ta zama ɗan ƙasa ko shaidar gama aji, ka karɓo su, ka bar musu hotonsu. Takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta ka ba wata uku kawai take aiki, saboda haka baɗi sabuwa za ka nema.

Idan ka riga ka sa hannu a wurin farko

Duk abin da muka faɗa ya shafi wanda bai sa hannu a yarjejeniyar aiki ba tukuna. Shi ɗan takara ne, yana da ikon janyewa a kowane lokaci, ba a binsa komai. Wanda ya riga ya sa hannu kuwa ma'aikaci ne, kuma abin da zai yi ajiye aiki ne, ba janyewa ba. Wannan yana ƙarƙashin dokar aiki ta Nijar mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012. Ka buɗe takardar da ka sa wa hannu ka nemi abu biyu. Na farko, ko an rubuta lokacin gwaji, domin a cikinsa kowane ɓangare yana iya rabuwa da ɗaya cikin sauƙi. Na biyu, ko yarjejeniyar tana da ranar ƙarewa, irin ta wata huɗu ko shekara guda. Irin wannan ba a fita daga cikinta kafin lokaci don ganin dama kawai, kuma wanda ya fita haka ana iya neman diyya a wurinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je ka nemi shugaba ku rabu da yardar juna, a rubuta, ku biyu ku sa hannu. Idan ya ƙi, ko ba ka gane abin da takardar ta ce ba, ka tuntuɓi ofishin sufeton aiki a Maraɗi kafin ka sa hannu a wuri na biyu.